Ƙwannafin dare: abin da na sauya a lokacin cin abinci, gado da nauyin jiki

Ƙwannafin da ke damuna da rana bai taɓa tayar mini da hankali ba. In na ci abinci mai nauyi ƙirji ya ɗan yi zafi, na yi gyatsa mai tsami, na sha ruwa, bayan ɗan lokaci ya lafa. Na dare ne ya kai ni asibiti. Barci ya yi nisa sai in farka da wani ruwa mai ɗaci ya taso har maƙogwaro, wani lokaci ya sarƙe ni in tashi zaune ina tari kamar numfashi zai ɗauke. Da safe murya a dishe, baki da ɗanɗanon tsami, jiki kuma a mace saboda barcin ya yanke sau da yawa. Abin ya kai ina ajiye maganin tsotsa a gefen gado, kuma kusan kullum sai na lalube shi cikin duhu.

Likitan da na gani bai fara da magani ba, tambayoyi ya jero mini. Ko abinci na tsaya mini a ƙirji in na haɗiya? Ko na taɓa aman jini, ko bahaya ya fita baƙi ƙirin kamar kwalta? Ko ina ramewa ba tare da na nemi ramar ba? Ko zafin na zuwa in na hau bene ko na yi sauri, tare da gumi da ciwo a hannu ko muƙamuƙi? Duk na ce a'a. Ya ce da na amsa ɗaya daga cikin na farkon da e, da maganar ta wuce gyaran gado, sai an zura na'urar kyamara ta baki an duba hanyar abincin. Da kuma na amsa ta ƙarshe da e, zuciya za a fara dubawa, domin ciwon zuciya kan zo da kamar ƙwannafi, kuma wannan ba a jiran gari ya waye a kansa. Sannan ya tambayi magungunan da nake sha. Ashe masu kashe ciwo irin su ibufurofen da diklofenak suna ƙara wa abin wuta, wasu magungunan hawan jini irin su amlodifin kuma suna sassauta mashigar ciki. Ni na farkon nake yawan sha saboda ciwon baya, ya ce in bari.

Daga nan ya tambaye ni: "Malam, ƙarfe nawa kake gama cin abincin dare, ƙarfe nawa kuma kake kwanciya?" Na ce ina dawowa daga aiki a makare, in ci wajen tara da rabi, kafin goma da rabi na kwanta. Ya ɗauki takarda ya zana mini yadda abin yake.

A inda bututun abinci ya haɗu da ciki akwai wata tsoka mai zagaye da ke aikin murfi. Tana buɗewa abinci ya wuce, sannan ta tsuke. Ga mai ƙwannafi, tsokar nan ba ta rufewa sosai, ko kuma tana yawan sakin jiki a lokacin da bai kamata ba, musamman in ciki ya cika ya buɗe. Ciki yana da rufin da ke kare shi daga asid ɗin da yake fitarwa, bututun abinci ba shi da irin wannan rufin, shi ya sa in asid ya taso yake ƙuna. Ya ce in ɗauki kwalbar ruwa da murfinta bai ɗauru da kyau ba. In tana tsaye ba abin da zai zuba. In aka kwantar da ita tana cike za ta ɗiga, in kuma aka matse ta a kwance za ta tsarto. Abubuwa uku ke nan: cika, kwanciya da matsi. Cikar ita ce abincin da aka ci a makare, kwanciyar ita ce yadda gado yake, matsin kuma teɓa ce.

Abin da ya sa dare ya fi muni shi ne duk masu kare bututun suna hutawa a lokacin. Da rana in asid ya taso, nauyinsa ma yana mayar da shi ƙasa, mutum kuma yana haɗiyar miyau ba tare da ya sani ba, miyau kuwa na ɗauke da sinadarin da ke kashe kaifin asid. In barci ya yi nauyi miyau na raguwa sosai, haɗiya ma kusan ta tsaya. Saboda haka asid ɗin da zai sauka cikin ɗan lokaci da rana, da dare zai iya zama a bututun ya daɗe yana ci. Irin wannan ne ke jawo gyambo a bututun, da tarin dare, da dishewar murya, har da zaizayar haƙora.

Ya rubuta mini omefirazol na mako 8, ya jaddada cewa a sha shi minti 30 zuwa 60 kafin abincin safe, domin yana aiki ne a kan ƙwayoyin da ke fitar da asid a lokacin da abinci ya tashe su. Wanda ya haɗiye shi lokacin kwanciya, alhali babu abincin da zai biyo baya, ya rage masa ƙarfi. Amma ya ce maganin kaifin ruwan yake ragewa, ba ya gyara murfin. Ruwan zai iya ci gaba da tasowa, zafin ne kawai zai ragu. Sauran aikin yana gida.

Da lokacin cin abinci na fara, domin shi ne bai buƙatar sayen komai. Ƙa'idar ita ce a bar awa 3 tsakanin lomar ƙarshe da kwanciya. Ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka, a jagorar da ta fitar a 2022, ta ce awa 2 zuwa 3. Wani bincike da aka yi a Japan aka wallafa a 2005 ya gano cewa masu kwanciya kafin awa 3 da cin abincin dare sun fi masu jiran awa 4 ko fiye haɗarin wannan ciwo da kusan ninki bakwai. Dalilin a fili yake: abinci mai tauri yakan ɗauki kusan awa 4 kafin mafi yawansa ya bar ciki, kuma in yana da maiƙo ya fi haka daɗewa, domin maiƙo na rage saurin fitar abinci daga ciki, yana kuma sassauta murfin.

Lissafin mai sauƙi ne. In zan kwanta goma da rabi, dole in ajiye cokali bakwai da rabi. Aiwatarwar ce ta yi wuya, domin a wannan lokacin ina hanya ko ina wurin aiki. Abin da na yi shi ne na juya tsarin cin: babban abinci ya koma rana, na yamma kuma na riƙa tafiya da shi ina ci kafin in tashi daga aiki, ɗan kaɗan, mara maiƙo. In na iso gida iyali na cin nasu, ni in zauna tare da su da kofin ruwa. Daren farko-farko yunwa takan ƙwanƙwasa wajen goma, kuma a nan ne mutum yake ce wa kansa ai ɗan abu kaɗan ba zai yi komai ba. Na lura wannan yunwar ta fi zuwa ne a ranakun da na yi wa abincin rana riƙon sakainar kashi. In na ci na ƙoshi da rana, dare ba ya wahala.

Akwai abu biyu da na gane a hanya waɗanda ƙa'idar awa 3 ba ta faɗa kai tsaye. Na farko, kishingiɗa a kujera bayan cin abinci kwanciya ce. Mutum ya ci bakwai da rabi ya miƙe a doguwar kujera yana kallon talabijin, ya riga ya karya dokar ko da bai shiga ɗaki ba sai sha ɗaya. Zama a miƙe ko ɗan tattaki a hankali shi ne abin da ake so. Na biyu, ruwa ma cika ciki yake yi. Kurɓa ɗaya ko biyu ba matsala, amma shanye kofi biyu dab da kwanciya yakan tayar mini da abin ko da ban ci komai ba. Madara kuwa, wadda mutane da yawa ke sha don ta kwantar da zafin, tana sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, daga baya maiƙonta da furotin ɗinta su sa ciki ya ƙara fitar da asid. Ni dai a tsakar dare nake biyan kuɗinta.

Wannan matakin ya nuna amfaninsa da wuri. Tasowar ruwa har maƙogwaro ta ragu sosai tun kafin in saba da sabon tsarin. Abin da ya rage shi ne farkawar asubahin fari da zafi a tsakiyar ƙirji, da dishewar murya.

Game da jerin abincin da ake cewa a daina, likitan bai ba ni wata doguwar takarda ba, kuma ina ganin ya yi daidai. Ya ce kofi, cakulan, na'a-na'a, barkono, tumatir, lemo mai tsami da lemon kwalba mai gas duk sanannu ne, amma ba kowa suke damu ba, kuma hujjar hana su gaba ɗaya ba ta kai ƙarfin ta rage ƙiba da ɗaga gado ba. Sai in riƙa rubuta abin da na ci da yadda dare ya kasance. Nawa ya fito fili: soye-soye da yamma da lemo mai gas. Kofi da safe ba ya yi mini komai, don haka ban rabu da shi ba. Taba da giya ya ce babu sassauci a kansu, ni kuma ba su shafe ni ba.

Maganar gado ita ce inda na fi ɗaukar lokaci, domin a nan ne shawarar da kowa ke bayarwa take ɓatar da mutane. Duk wanda ya ji matsalata sai ya ce in ƙara filo. Da filo uku nake kwana lokacin da na je asibiti, kuma da na faɗa wa likita sai ya sa na kwanta a gadon gwaji ya tara mini filo a ƙarƙashin kai, ya ce in sa hannu in ji inda jikina ya lanƙwashe. Wuya ne kawai da kafaɗu suka tashi. Ƙirjin, inda bututun abinci yake, yana nan a shimfiɗe. In kuma aka ƙara filo har ƙirji ya ɗan tashi, jiki yakan naɗe a daidai ciki, ya matse shi, ya tura abin da ke ciki sama. Ga kuma filo ba ya zama wuri ɗaya. Kafin tsakar dare mutum ya zame ƙasa, ya farka da ciwon wuya ga ƙwannafin bai fasa ba.

Abin da ake so shi ne gangar jiki gaba ɗaya, daga ƙugu zuwa kai, ta zama a kan gangare ɗaya miƙaƙƙe. Tsayin da ake ba da shawara shi ne santimita 15 zuwa 20 a wajen kai, wato inci 6 zuwa 8. Hanya biyu ce: ko a sa katako a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, ko a sami soso mai tauri da aka yanka da gangare a kwanta a kansa.

Na zaɓi katako. Na sa kafinta ya yanko mini guntaye biyu masu faɗi, kowanne tsayin santimita 15, ya ƙwaƙule rami marar zurfi a saman kowanne yadda ƙafar gadon za ta zauna a ciki ba ta zame ba. Wannan ramin ba ado ba ne. Ƙafar gado a kan katako mai santsi tana tafiya kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka juya, wata rana ta faɗo. Gadona yana da ƙafa a tsakiya, da aka ɗaga kai sai ta rataye a iska, sai da aka yanko mata nata guntun mai rabin tsayin, in ba haka ba katakon tsakiyar gadon zai lotsa. A gado mai tsawon kusan mita 2, wannan ɗagawar gangare ne na kusan digiri 4 zuwa 5 kawai. A ido kamar ba a yi komai ba, amma da ka kwanta za ka ji shi.

Matsalar farko ita ce zamewa. Nakan farka in tarar ƙafafuna sun kai ƙarshen katifa. Zanin gado mai santsi ne ke ƙara wannan, da aka sauya shi da na auduga, na kuma sa ƙaramin filo a ƙarƙashin gwiwoyi, sai na daina gangarawa. Matsala ta biyu ita ce ba ni kaɗai ke kwana a gadon ba. Maiɗakina ta yi ƙorafi da farko cewa ji take kamar za ta sulale, daga baya ta saba. Da ba ta saba ba, da soso mai gangare zan koma, domin shi gefe ɗaya kawai yake ɗagawa. Mai sayen irin wannan soso ya duba tsawonsa: in gajere ne ya tsaya a kafaɗu, filo ne kawai da wani suna. Sai ya kai daga kai har kusan ƙugu. Wanda katifarsa ke ƙasa ba gado, zai iya cusa soson a ƙarƙashin katifar ta wajen kai. A saman gangaren kuma filo ɗaya na yau da kullum ya isa, don wuya kawai.

Tare da gadon ya ce in riƙa kwanciya a gefen hagu. Mafi girman ɓangaren ciki yana gefen hagu, bututun abinci kuma yana shigarsa ne ta ɓangarensa na dama daga sama. In ka kwanta a hagu, ruwan ciki yakan taru a ƙasa, mashigar tana samansa. In ka kwanta a dama, ruwan ne ke komawa kan mashigar. Binciken da aka yi da na'urar auna asid a bututun mutane suna barci ya nuna asid ya fi saurin gushewa a kwanciyar hagu fiye da ta dama ko rigingine. Ba wanda zai iya tsare gefen da yake kwance a kai yana barci, amma doguwar matashi a bayana tana hana ni mirginawa, kuma awannin farko na dare, lokacin da ciki bai gama sauke kayansa ba, su ne suka fi muhimmanci.

Da gado da kwanciyar hagu suka haɗu da tsarin cin abincin, farkawar dare ta zama abin da ke faruwa jefi-jefi, kuma duk ranar da ta faru nakan iya nuna dalilin: ko an yi taro na ci a makare, ko na yi tafiya na kwana a shimfiɗaɗɗen gado. A irin wannan dare ina shan maganin ruwa mai aljinet kafin in kwanta. Shi yana yin kumfa mai kauri ne da ke zama a saman abin da ke ciki, ya tare hanyar na 'yan awanni.

Sai nauyin jiki, wanda shi ne mai jinkirin nuna sakamako kuma shi ne kaɗai ke taɓa tushen abin. Tsayina mita 1.72 ne, sikeli kuma ya nuna kilo 91. In aka raba nauyin da tsayi sau tsayi, ma'aunin ƙiba ya kama kusan 31, alhali daga 25 ake cewa nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma ƙiba ce sosai. Likitan ya fi damuwa da tef ɗin awo fiye da sikeli. Ya auna ƙuguna ta daidai cibiya ya sami santimita 104, ya ce abin da ake so kada ƙugu ya wuce rabin tsayin mutum, wato nawa kada ya haura 86. Kitsen ciki ne ke matse ciki daga waje, yana kuma iya tura saman cikin ya leƙa ta ramin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, abin da ke ƙara lalata murfin.

Wani babban bincike a kan mata ma'aikatan jinya sama da 10,000 a Amurka, wanda aka wallafa a 2006, ya nuna ƙwannafi na ƙaruwa yadda ma'aunin ƙiba ke hawa, har ma a cikin waɗanda nauyinsu bai wuce ƙa'ida ba. Wato wanda ya ƙara 'yan kilo ya fara jin ƙwannafi kada ya ce ai shi ba mai ƙiba ba ne. A binciken, waɗanda ma'auninsu ya sauka da fiye da 3.5 haɗarin yawan ƙwannafi ya ragu musu da kusan kashi 40 cikin 100. Ga mai tsayina, saukar 3.5 na nufin kilo 10 da 'yan kai. Shi na sa a gaba, a kan kusan rabin kilo a mako, wanda ke nufin aikin watanni ne.

Ban bi wani tsari mai suna ba. Barin cin dare ya riga ya ɗauke wani kaso na abin da nake ci, na daina abin sha mai sukari, na rage girman faranti, na kuma riƙa tafiyar ƙafa ta kusan rabin awa. Motsa jikin da ke matse ciki, irin su ɗaga ƙarfe mai nauyi ko kwanciya ana naɗe ciki, yana tayar mini da ƙwannafi nan take in na yi shi bayan cin abinci, don haka na mayar da shi safiya kafin karin kumallo. Na kuma sassauta bel, domin ɗaure teɓa da bel matsi ne a kan matsi.

Kilo uku na farko ban ji wani bambanci ba, har na fara tunanin maganar nauyin ba ta shafe ni ba. Sai da ƙugu ya sauko ƙasa da santimita 100 na lura ina sunkuyawa in ɗaure takalmi ba tare da tsami ya taso ba. Wannan ita ce alamar farko, kuma da rana ta bayyana kafin dare.

A nan akwai bambancin da likitan ya nanata mini. Ramar da ka nema, ka san abin da ka rage, kana ganin sikeli na sauka a hankali, ita ce magani. Ramar da ta zo da kanta, musamman tare da wahalar haɗiya ko saurin ƙoshi ko kasala, alama ce ta a koma asibiti da gaggawa. Haka kuma ba kowane mai ƙwannafi ne nauyi ke damunsa ba. Siriri mai wannan ciwo ba abin da rama za ta ƙara masa, mai juna biyu kuma ba a ce mata ta rage nauyi, lokacin cin abinci da gangaren gado su ne nata.

Da mako 8 suka cika ban yanke omefirazol rana ɗaya ba. Likitan ya gargaɗe ni cewa in aka daina shi kwatsam ciki kan fitar da asid fiye da da na 'yan makonni, mutum ya ɗauka ciwon ne ya dawo ya koma kan magani. Ya sa na riƙa tsallake rana, sannan na koma sha sai in buƙata ta taso, ina cike giɓin da mai aljinet. An ɗan sha zafi a makonnin, sannan ya lafa.

Yanzu nauyina yana wajen kilo 82, ƙugu 94, bai kai inda tef ke so ba tukuna. Katakon yana nan ƙarƙashin gado. Na taɓa cire shi don in gani ko rage nauyin ya wadatar, muryar safe ta fara dishewa, na mayar. Likitan ya ce tunda ni namiji ne, na daɗe da ciwon, ga kuma teɓa, in na kai shekara 50 ko in alamun suka dawo duk da waɗannan matakai, za a yi mini duban kyamara sau ɗaya, domin asid na shekaru kan sauya fatar ƙasan bututun ga wasu mutane, kuma wannan sauyin ba a jin sa a jiki, sai an duba ake gani.